Barbarar yanyawa ko ruwa biyu: wanne ya dace da mutum?

Ummu Sadik: Salamu alaikum. Ina fassara wata takardar asibiti ta Ingila, sai na zo kan akwatin da aka rubuta "Mixed or Multiple ethnic groups". Wani ya ce in sa "barbarar yanyawa". Karin maganar nan tana ɗaukar wannan ma'ana kuwa?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki kuskura. Ki dubi kalmar farko tukuna. Barbara aikin dabba ne: bunsuru, rago, kare. Ba a faɗar ta ga ɗan Adam sai in ana son a ci masa mutunci. Yanyawa kuma 'yar dabbar dajin nan ce mai manyan kunnuwa, dangin dila. Bahaushe na jefa maganar ne ga abin da bai tsaya nan ba bai tsaya can ba, shi ya sa za ki ji an ce Hausar wane barbarar yanyawa ce in yana cakuɗa ta da Turanci. Ga harshe ko tufafi ana iya yin raha da ita. Amma mara lafiya ya buɗe takarda ya ga an kira shi haka, to an zage shi har da iyayensa. "Ruwa biyu" ita ce mai sauƙi a kunne.

Ɗan Maraɗi: To ai magana ta ƙare, ruwa biyu ta wadatar. Wanda ubansa Bahaushe ne uwarsa Bayarabiya ma haka muke ce masa.

Hajiya Turai: Nan ne gizo ke saƙar, ɗan'uwa. Ruwa biyu tamu tana ƙirga ƙabila, su kuma a Ingila launin fata da nahiyar asali suke ƙirgawa. Ɗan Bahaushe da Bayarabiya a takardar Ingila akwati ɗaya ne nasa, "African", ba ya shiga cikin masu gauraye sam. Wanda ubansa Bakano ne uwarsa Baturiya shi ne zai zaɓi "White and Black African". To a ce shi kuma ya girma ya auri 'yar Pakistan. Ɗansu ruwa nawa ke nan? Uku. Akwatinsa shi ne na ƙarshe, na sauran masu gaurayen asali. Bambancin "biracial" da "multiracial" ke nan: ta farko biyu cif take nufi, ta biyu tana ɗaukar biyu zuwa sama. Turawan Ingila sun fi cewa "mixed race", wadda ba ta ƙirga komai. In kika sa ruwa biyu a kan babban akwatin, mai ruwa uku zai tsallake shi. Ni zan rubuta "mai gaurayen asali".

Kuma a guji hafkas. Mu a nan ba zagi ba ce, wasu ma yabon kyau suke da ita, amma a Ingila cin fuska ce.

Ɗan Maraɗi: Na ji. Amma an ce kyan ɗa ya gaji ubansa. In uban Bakano ne, ɗan Bakano ne, me ya kawo akwatuna?

Malam Na-Zazzau: Wannan karin maganar kan hali da sana'a take, ba kan jini ba, ko da yake gaskiya ne mu ta uba muke jingina ɗa. Amurka ba haka suka yi ba. Dokar wasu jihohinsu ta dā cewa ta yi ɗigon jinin baƙar fata ɗaya ya isa a kira ka baƙi, ko ta uwa ya zo ko ta uba. Jihar Bajiniya ta rubuta irin wannan a 1924, kuma sai 1967 kotun ƙolin Amurka ta soke haramcin aure tsakanin fari da baƙi. Sai a ƙidayar 2000 aka fara barin mutum ya zaɓi akwati fiye da ɗaya. A 2010 kimanin miliyan 9 suka yi haka, a 2020 suka kai miliyan 33.8. Kada a ɗauka haihuwa ce kaɗai ta kawo wannan tsalle, hukumar ƙidayar da kanta ta ce ta sauya yadda take tambaya da yadda take ƙirga amsoshi.

Hajiya Turai: Kuma ko an ba da damar ba kowa ke ɗauka ba. Barack Obama, uba ɗan Kenya uwa Baturiya, akwatin baƙar fata kaɗai ya zaɓa a 2010. Tiger Woods, ɗan wasan golf ɗin nan, kuwa a 1997 ya ce shi suna ya ƙirƙira wa kansa, "Cablinasian", don ya haɗa asalinsa huɗu. Saboda haka, Ummu Sadik, ki fassara tambayar yadda mai cikewa ne zai zaɓa, kada ta fito kamar ma'aikaci zai dubi fuskarsa ya yanke.

Baba Ilu: Ni ruwa biyun ma ban yarda da ita ba. A garinmu in an ce yaro ruwa biyu ne, wasu aljanu suke nufi, ba Turawa ba.

Malam Na-Zazzau: Haka ne, Baba, akwai masu faɗar ta da wannan nufi. Sai dai "gaurayen asali" ma ina jin ta da ɗan nauyi, don asali kalma ce da Bahaushe ke gori da ita.

Ummu Sadik: Na gode. Zan sa "iyaye daga jinsi daban-daban" a sama, in kai wa mutum biyu su karanta in ji yadda ta zauna musu.