Sigina mai cin 70 cikin 100 ko mai cin 40: wanne zan bi?

Ummin Biyu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Akwai masu ba da sigina biyu, wato masu faɗa wa mutum lokacin saye ko sayarwa a kasuwar hada-hadar kuɗi ta intanet, da nake bibiya a asusun gwaji, wanda ba kuɗin gaske ba ne a cikinsa. Na farko yana cin bakwai cikin goma, amma SL ɗinsa, wato iyakar asarar da ake rufe shiga a kanta, dala 30 ne, TP kuma, wato ribar da ake rufewa a kanta, dala 10. Na biyu yana cin huɗu kacal cikin goma, SL dala 10, TP dala 20. Zuciyata ta fi kwanciya da na farko don kusan kullum kore nake gani. Wanne zan bi idan na sa kuɗin gaske?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai ba abin tambaya ba ne, mai cin bakwai mana. Wa zai bar bakwai ya kama huɗu?

Malam Na Lissafi: Auta, dakata tukuna. Hajiya, ɗauki biro mu yi shi tare da alƙaluman da kika kawo. Shiga goma da na farko: kin ci bakwai, kowace dala 10, kin tara 70. Kin faɗi uku, kowace dala 30, 90 ta tafi. Abin da ya rage shi ne asarar dala 20, wato kowace shiga tana cinye miki dala 2 a matsakaici, duk da koren da kike gani. Shiga goma da na biyu: kin ci huɗu, kowace dala 20, 80 ke nan. Kin faɗi shida, kowace dala 10, 60 ke nan. Ribar dala 20 ta rage, dala 2 a kowace shiga. Ga yadda ake rubuta shi, EV matsakaicin abin da kowace shiga ke kawowa, W rabon ci, L rabon faɗuwa, A na farko, B na biyu:

```
EV = (W × riba) − (L × asara)
A: (0.7 × 10) − (0.3 × 30) = −2
B: (0.4 × 20) − (0.6 × 10) = +2
```

A takarda dai na biyu ne. Na ce a takarda saboda akwai sauran magana.

Ɗan Auta: Kai, Malam. To mutum ya ci bakwai kuma a ce ya faɗi?

Malam Na Lissafi: Ƙwarai kuwa, ƙanena. Faɗuwa ɗaya tasa tana share ci uku. Wanda ya sa 30 don ya samu 10 sai ya ci 75 cikin 100 kafin ma ya tashi ba riba ba asara. Shi yana 70, biyar ta rage masa, kuma wannan biyar ɗin ce ke zubar da asusun a hankali. Wanda ya sa 10 don ya samu 20 kuwa, da ya haura 33 da ɗigo cikin 100 ya tsira. Ka raba abin da ka sa a kasada da jimillar kasadar da ribar: 30 cikin 40 shi ne 75, 10 cikin 30 shi ne kashi ɗaya bisa uku.

Gwanin Kandir: Shi ya sa ni dokata ɗaya ce: kada ki taɓa shiga abin da bai kai 1:3 ba, wato kasadar 1 don ribar 3. Ki ja TP ya yi nisa, ci ɗaya cikin huɗu ya ishe ki. Mai bin wannan ba ya faɗuwa.

Sarkin Haƙuri: Don Allah wane dillali kuke amfani da shi yanzu? Nawa cire kuɗi yana ɗaukar lokaci.

Ummin Biyu: Sarki, ba maganar dillali ake ba, bari mu gama wannan.

Yaya Babba: Hajiya, bari in ba ki labarin abin da ya same ni da irin mutumin farko, don na zauna a ƙarƙashin wani mai sigina, ba zan kama suna ba. Kullum da yamma yana watso hotunan allo, kore reras, yana cewa yau ma mun ci. Kuma ba ƙarya yake ba, ana ci. Ribar ce ƙanana, ka shiga, farashi ya ɗan motsa, ya ce a rufe. Abin da ba ya nunawa shi ne ranar da kasuwa ta juya. Ranar nan sai ka ga saƙo ya shigo: a ɗaga SL, zai dawo. A ɗaga. Can kuma: a ƙara ɗagawa, a ƙara wata shiga a nan don a rage zafin farashin farko. Na zauna ina kallon jan lamba tana girma a waya, hannuna a kan maɓallin rufewa, shi kuma yana rubuto mana a yi haƙuri. Wani lokacin farashin yakan dawo ɗin, sai ya ƙirga ta cikin waɗanda aka ci, adadin cinsa ya ƙara kyau. Ranar da bai dawo ba, shiga ɗaya ta kwashe abin da aka daɗe ana tarawa har ta taɓa uwar kuɗi. Washegari babu hoton allo, an goge saƙonnin jiya, an ci gaba kamar ba a yi ba. Da na zauna na jera shigar duka a littafi, adadin ci yana da kyau ƙwarai, amma matsakaiciyar asara ta ninka matsakaiciyar riba sau da yawa. Don haka abin da zan ce miki, 30 ɗin nan da ya rubuta ma kada ki yarda da ita sai kin ga yana barin SL ya taɓu. Duk mai cewa a ɗaga SL, ba ki san kasadarki ba, kuma idan ba ki san ta ba babu lissafin da za ki iya yi. Ki tambaye shi tarihin shiga gaba ɗaya, har da jajayen. Idan ya fara kame-kame kin samu amsa.

Ɗan Auta: Allah ya mayar da alheri Yaya. Ni ma na san irin su.

Malam Na Lissafi: Amin. Gwani, zan dawo kan maganarka, rabinta gaskiya ce. A 1:3 ci 25 cikin 100 ya isa a tashi canjaras, haka ne. Amma nisan TP da yawan ci ba rabe suke ba, igiya ɗaya ce ta ɗaure su: kana jan TP nesa, yawan lokutan da farashi zai kai can kafin ya taɓa SL yana raguwa. Idan mutum yana shiga ne kawai da ka, ba wata hujja, 1:3 za ta ba shi kusan ci ɗaya cikin huɗu, 1:1 kuma kusan rabi, duka biyun sifili ne kafin a cire kuɗin dillali. Rabon kasada da riba shi kaɗai ba ya haifar da riba. Sai tsarinka yana ci fiye da abin da rabon ke buƙata.

Gwanin Kandir: Malam ni a aikace nake magana, ba a allo ba. Ina bin 1:3 kuma ina gani.

Malam Na Lissafi: To madalla, kawo adadin. Cikin shigarka na baya, nawa ne suka kai TP cikakke?

Gwanin Kandir: Ba na rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba duka nake bari su kai ba, idan na ga kandir ɗin da ke nuna motsin farashi a allo ya fara juyawa ina rufewa.

Anti Mai Littafi: To ka ga inda gizo ke saƙar. Ummi, wannan ya shafe ki kai tsaye, don shi ne zai same ki da na biyun. An rubuta TP dala 20, amma kina ganin riba ta kai 12 hannunki zai fara ƙaiƙayi, musamman bayan kin faɗi uku a jere. Idan kina rufewa a 12 kuma cin yana nan huɗu cikin goma, 48 kika samu, 60 ta fita, tsarin da ke da riba ya koma asarar dala 12 a shiga goma. Rufewa da wuri yakan ɗan ƙara yawan ci, gaskiya ne, amma sai ya haura 45 cikin 100 kafin ki dawo sifili. Lissafin da abin da kika karɓa a hannu ake yin sa, ba da abin da aka zana a kan allo ba. Ni kowace shiga ina rubuta abu uku: nawa na sa a kasada, nawa na nufa, nawa na fita da shi.

Sarkin Haƙuri: Anti har yanzu littafi da biro? Ai manhajar tana ajiye tarihi.

Anti Mai Littafi: Tana ajiye inda ka fita, ba ta ajiye abin da ka yi niyya kafin ka shiga. Ka bar ni da birona.

Ɗan Auta: Anti da biro sai Allah, ko a biki tana rubuta wa ya zo 😂

Ummin Biyu: Auta ka kiyaye ni da Anti. Malam, ka ce akwai sauran magana.

Malam Na Lissafi: Biyu ne. Na farko kuɗin dillali. Tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da kwamisho, ana cire su ko kin ci ko kin faɗi. A ce sun kama dala 1 a kowace shiga, ribar dala 2 ta koma 1, rabi ya tafi. Ki duba ko alƙaluman da kika kawo an riga an cire wannan a ciki, don asusun gwaji yakan cika umarni a farashi mai kyau fiye da yadda za ki samu a na gaske, musamman lokacin da labari ya fito farashi yana tsalle ya wuce SL.

Na biyu ya fi nauyi. Dala 2 ɗin nan matsakaici ne na dogon zango, ba alkawarin kowace goma ba. Tsarin da ke cin 40 cikin 100 da gaske, idan kika yanka shi goma-goma, kusan 38 cikin 100 na waɗannan goma-goman za su zo da ci uku ko ƙasa, kuma ci uku asara ce: 60 ta shigo, 70 ta fita. A cikin shiga ɗari kuma, faɗuwa bakwai ko takwas a jere ba abin mamaki ba ne. Idan kashi 1 cikin 100 na asusun kike sawa a kowace shiga, takwas a jere za su rage miki kusan kashi 8, kina nan da ƙafarki. Idan kashi 10 kike sawa, abin da zai rage a asusun kashi 43 ne, sai kin ninka shi fiye da sau biyu kafin ki dawo inda kika fara. Tsari ɗaya, sigina ɗaya, girman shiga ne ya raba su.

Yaya Babba: Kuma a daidai faɗuwa ta biyar ɗin nan mutane ke gudu su koma wurin mai kore.

Malam Na Lissafi: Hajiya, shiga nawa kika ƙirga kafin kika ce huɗu cikin goma?

Ummin Biyu: Ba su da yawa gaskiya, ba su fi ashirin ba kowannensu.

Malam Na Lissafi: To ba ki san 40 ba ce tukuna. A shiga ashirin, ci takwas ne 40. Da biyu daga ciki sun kuskure, shida ke nan, 30 cikin 100, ƙasa da 33 ɗin da ake buƙata. Ni da zan ba da shawara, ki bar na farko, na biyun kuma ki ci gaba da shi a gwaji har ki tara kamar ɗari.

Gwanin Kandir: Ɗari? Kafin nan kasuwa ta canza hali, adadin ya tsufa. Ta shiga da ƙaramin kuɗi kawai, gwaji ba ya koya wa mutum riƙe zuciya.

Anti Mai Littafi: A nan kam ina tare da Gwani, da sharaɗin kuɗin da za ta iya rasawa ne, kuma kashi 1 a kowace shiga.

Malam Na Lissafi: Canjin halin kasuwa gaskiya ne, ban musa ba. Amma ashirin ta yi kaɗan ko da wane kuɗi za a shiga.

Ummin Biyu: Na gode ƙwarai. Zan fara tambayar na biyun cikakken tarihinsa in ga ko zai bayar. Anti, turo min hoton shafin littafinki in ga yadda kike ja layukan.

Sarkin Haƙuri: To yanzu da kun gama, maganar dillalin fa?