Batirina a cike yake amma ya ƙi tayar da sumo

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Na sayar da tsofaffin baturana, na haɗa da kuɗin adashin uwargida, wadda tun farko ba ta so ba, na sayi lithiyum 12V 200Ah. Yana riƙe fanka, talabijin da fitilu har asuba. Amma da na kunna sumo, injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, sai komai ya ɗauke ɗif, alhali cajin yana 95%. An cuce ni ne?

Hajiya Turai: Jabu ne, ɗana. Ni ma haka wani ya yi min, wata huɗu batirin ya kumbura, har yau mutumin ba ya ɗaukar wayata.

Injiniya Bala: Hajiya, jabu ba ya kai mutum asuba. Malam, duba jikin batirin, BMS ɗinsa, wato na'urar da ke cikinsa mai kare shi, amfiya nawa aka rubuta?

Baban Ilham: 100A. Amma ai 200 na saya.

Injiniya Bala: 200Ah yawan abin da ya tara ne, kusan 2,560Wh. 100A kuwa iyakar abin da zai iya saki a lokaci guda ne, wato wat 1,280. Tanki ne babba mai siririn famfo. Sumonka yana cin wajen wat 1,000 idan ya riga ya tashi, amma lokacin tashin yana fizgar ninki uku ko fiye. Wat 3,000 a kan 12V ya kai amfiya 250, sai BMS ya yanke don kada batirin ya yi zafi.

Sadiku Direba: Batirin motata 75Ah ne kawai, kuma yana murza inji. A haɗa masa na mota mana.

Injiniya Bala: Na mota faranta sirara ne da yawa a cikinsa, shi ya sa yake sakin ɗaruruwan amfiya na 'yan daƙiƙoƙi. Sa shi ya riƙe fanka kullum har asuba, ba zai daɗe ba. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da lithiyum.

Malam Nura: Injiniya, ka yanke hukunci ba ka tambayi girman inbata ba. Baban Ilham, idan inbata ta yi ƙara amma allonta bai mutu ba, ita ce ta gaza ko waya ta yi siriri. Idan har allon ya mutu, to BMS ne.

Baban Ilham: Allon ma mutuwa yake. Amma mai shagon ya rantse min zai ɗauki komai, kuma ba yau na fara sayayya a wurinsa ba.

Injiniya Bala: Ƙaro na biyu irinsa, ka koma inbata 24V. Amfiyan da ake ja zai ragu da rabi.

Malam Nura: Rabin 250 ai 125 ne, har yanzu ya haura 100. Ni dai a tayar da sumon da janareta, awa guda tanki ya cika.

Baban Ilham: Janaretan na sayar da shi tare da baturan. Ba yadda za a buɗe a cire BMS ɗin?

Injiniya Bala: Kul! Gobara kake nema.

Hajiya Turai: Ka dai mayar masa da kayansa.