Abokin aikina ya rubuta mini wasiƙar shaida, me zan ce masa?

Rabi'atu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman tallafin karatun digiri na biyu, wani abokin aikina da ya girme ni ya rubuta mini wasiƙar shaida. Kwana huɗu kacal na ba shi, kuma kai tsaye ya tura ta shafin jami'ar, ban ga abin da ya rubuta ba. Sakamako sai nan da wata uku. In gode masa yanzu ko in jira? Me zan rubuta? Shugabanmu bai san ina neman tafiya ba.

Baban Walida: Ki jira tukuna. Idan kin samu sai ki je masa da albishir da 'yar tsaraba, godiyar ta fi armashi.

Anti Zulai: Baban Walida, in ba ta samu ba fa? Shi ke nan ya yi aikin banza? Rabi'atu ƙanwata, ki tura yau, in ya yi nisa gobe. Na daɗe ina rubuta wa mutane irin wannan wasiƙa. Mutum sai ya zauna ya karanta takardunki, ya tuno ayyukan da kuka yi tare, wani lokacin bayan wasiƙar ma akwai fom da zai cika yana auna ki da sauran waɗanda ya sani. Wahalar nan ake gode wa, kuma ya riga ya sha ta ko an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba.

Kada saƙon ya yi tsawo. Ki faɗi abin da wasiƙar take kai, domin wataƙila ba ke kaɗai ya rubuta wa ba. Ki ambaci ƙurewar lokacin, ya san kin lura. Sai ki gaya masa yaushe ake sa ran sakamako. Misali:

"Salam Yallaɓai, barka da aiki. Na ga sanarwa cewa wasiƙarka ta isa jami'ar. Na gode ƙwarai, musamman da yake a ƙurarren lokaci na zo maka, ga kuma rahoton ƙarshen wata a kanka. Sun ce sakamako zai fito nan da wata uku, kuma mai yiwuwa su tuntuɓe ka kafin nan don tabbatarwa. Duk yadda ta kaya zan sanar da kai. Allah ya saka da alheri."

Ki dai canza zancen rahoton da abin da kika san yana kansa a makon. Sannan kada ki ce ya turo miki kwafi. Tunda aka tsara ya tura da kansa, ana so ne ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jin nauyinki ba. In ya ga dama zai nuna miki. Shi ya sa kuma ba za ki rubuta "na gode da yabon da ka yi mini" ba, tunda ba ki karanta ba.

Sagir: 'Yar'uwa, ki fara tura masa takardar tarihin karatunki da aikinki, ki ba shi kamar mako biyu. Haka ake neman wasiƙar.

Rabi'atu: Malam Sagir, ai ya riga ya rubuta, godiya ce ta rage. Anti, da ina so in haɗa da roƙon ya sake yi mini wata, akwai jami'a ta biyu.

Anti Zulai: A'a, raba su. In kika haɗa, sai godiyar ta zama kamar share fagen roƙo. Bari kwana biyu su wuce, ki aiko da na biyun daban, da ranar rufewa a layin farko. Ba zai yi masa wuya ba, gyara ta farkon kawai zai yi.

Malam Habu: Ni abin da ya taɓa ɓata mini rai shi ne shirun da ke biyo baya. Na tsaya wa wani yaro, har waya aka yi mini ana tambayar halinsa. Godiya kam ya yi ta zubawa a ranar. Bayan wata biyar a bakin wani na ji ya kama aikin. Yanzu ya dawo yana neman wata, ina nan ina tunani. Ki sa tuni a wayarki na ranar sakamako, ko ba ki samu ba ki faɗa masa da kanki.

Hafsat: Ba wanda ya taɓo zancen shugabanku. Kada ki tura ta imel ɗin ofis, ba ke kaɗai ke da ikon ganin abin da ke ciki ba. Kada kuma ki yi godiyar a gaban mutane. Ki tura ta lambarsa, ki ƙara layi ɗaya cewa ba ki sanar da shugaba ba tukuna, kar ya yi suɓutar baki da kyakkyawar niyya.

Baban Walida: To na yarda ta tura yanzu. Amma saƙo kawai? Babba ne fa, ya kamata ta taka ta same shi, da ɗan wani abu a hannu.

Hafsat: Zuwa ofishinsa ba laifi in shi kaɗai ne. Kyauta ce ban yarda da ita ba, musamman da za ta sake roƙonsa wasiƙa cikin makon nan. Sai ta yi kama da biya.

Baban Walida: Ke kike ganin haka. Ni an ba ni alƙalami, ban ji an saye ni ba.

Rabi'atu: Na tura saƙon ta WhatsApp yanzu, har da layin Hafsat. Kyautar na ajiye zancenta sai an gama da jami'a ta biyu.