Balayaj ko foyil: wanne ke barin layi idan gashi ya tofo?

Ummi: An ce wai balayaj ba ya barin layi sam idan sabon gashi ya fito, foyil ne kawai ke bari. Gaskiya ne?

Maman Hanif: Gaskiya ne, ƙanwata. A foyil ana kai bilicin har kusa da fatar kai, a naɗe da takardar alminiyam. Gashi kuwa yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, to bayan sati 6 zuwa 8 za ki ga baƙi a gindi, haske a sama, a miƙe kamar an ja da rula. Balayaj shafawa ake yi da buroshi, a faro nesa da gindi, shi ya sa yake kai wata 3 ko 4.

Anti Rabi: Maman Hanif, da sauran magana. Abin da ke haifar da layi shi ne inda hasken ya faro da kuma tazararsa da kalar gashin asali. Idan mai balayaj ta danna buroshi da nauyi tun daga sama, ko kwaɓin ya yi ruwa, zai bar tabo mai kaifin baki, kuma tabon nan zai yi ta sauka yayin da gashin ke tsawo. Ana riƙe buroshin a karkace, a taɓa saman gashi kaɗan, sai an zo jela a cika shi.

Kuma gashinmu baƙi ne wuluk. Kwaɓin balayaj a fili yake, iska na busar da shi, da ya bushe ya daina aiki. Yawanci a jaja-jaja ko ruwan lemo yake tsayawa, ko da an sa dibelofa 30, wato ruwan kwaɓa bilicin mai ƙarfin lamba 30. Foyil na riƙe danshi da ɗumi, da 20 ma sai ya fi shi haske. Layin balayaj ba ya fitowa sosai ne saboda bai haska sosai ba tun farko.

Hajiya Binta: Ni lalle nake sa wa furfurata, wanne zai rufe ta?

Anti Rabi: Babu, Hajiya, duka biyun cire kala suke yi. Bilicin a kan lalle kuma yakan fita ruwan lemo dabbare-dabbare. A gwada a 'yan silalla ta ƙeya tukuna. Mai rilaksa ma haka, don gashinta na iya tsinkewa.

Ummi: To mai son haske sosai ba layi fa, Anti?

Anti Rabi: A ɗebi gashi siri-siri, a taje shi ta baya zuwa gindi sau 2 ko 3 kafin a naɗe a foyil, yadda silallan ba za su faro daga wuri ɗaya ba. Bayan an wanke, a shafa rini mai kusa da kalar asali a santimita 2 zuwa 3 na gindi, a ja shi ƙasa da mataji.

Maman Hanif: Wannan rinin yana koɗewa da wanki, Anti, layin ya dawo. Ga mai kitso kuma, kowace tsaga tana tona gindin gashi. Ni dai ina nan a kan balayaj.