Shekara uku ina aiki, ko zan iya tsallakawa zuwa CISSP, satifiket ɗin ƙwararrun tsaron kwamfuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku ina gyaran kwamfutocin ma'aikata a ofishinmu, ni ne mai buɗe musu asusu da sauya kalmar sirri, kuma sau biyu ana ɗaukar sabbi a sashen tsaro ana barina. Ina da satifiket ɗin Security+, kuma na riga na sayi littafin CISSP. Shin in zana jarrabawar kai tsaye?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Za ka iya zana jarrabawar, amma cin ta ba ya mayar da mutum mai CISSP. ISC2, ƙungiyar da ke ba da CISSP, tana buƙatar shekara 5 ta cikakken aiki a aƙalla biyu daga fannoni 8, sannan wani mai satifiket ɗinta ya tabbatar da aikinka cikin wata 9 bayan ka ci jarrabawar. Digiri ko Security+ yana rage shekara ɗaya, amma ba a haɗa su a rage biyu. Idan an ƙirga ukunka duka, saura shekara ɗaya, kuma kafin nan za a kira ka Associate of ISC2, a ba ka shekara 6 ka cike. Buɗe asusu da ba da izinin shiga na iya faɗawa fannin kula da shaidar masu shiga, sai dai ina fanni na biyu? Sauya allon da ya fashe ba aikin tsaro ba ne. Da ni ne, jarrabawar SSCP ta ISC2 zan fara yi, tunda shekara ɗaya take nema a fanni ɗaya.

Ɗalibar sadarwa: Malam, ai OSCP, jarrabawar gwajin kutse, ita ce ta ƙwararru, don haka ita ma sai mai shekara 5.

Tsohon hannu: Ba haka ba ne, 'yar'uwa. OSCP ba ta neman shaidar shekarun aiki, hannunka take gwadawa: awa 23 da minti 45 kana kutsawa cikin na'urori, sannan awa 24 ta rubuta rahoto, kuma sai ka sami maki 70 cikin 100.

Wani ɗan'uwa: Ni jarrabawar CEH ta gwajin kutse na yi, tambaya 125 ta zaɓi cikin awa 4. A wajen ganawar neman aiki aka buɗe mini sakamakon `nmap`, manhajar da ke nuna ƙofofin sadarwa da ke buɗe a na'ura, aka ce in faɗi ƙofar da zan fara bincika, na rasa abin cewa. Har yau abin yana damuna. Ka bar takardu, ka kafa na'urorin gwaji a kwamfutarka.

Mai tambaya: Na gode, amma tallan aikin da nake gani CISSP suke ambata, kuma kuɗin littafin ya riga ya fita. Ni ma nakan duba saƙonnin yaudara da ma'aikata ke turo mini.

Tsohon hannu: Shin wannan aikin yana rubuce a takardar ayyukanka, kuma shugabanka zai shaida shi?

Mai tambaya: Ba a rubuce yake ba, amma kowa a ofishin ya san ni ne nake yi.