Abin da malaman lissafi suka ce a rubuta wa iyaye

Mun zauna a ɗakin malamai kan wasiƙar da malamin lissafi na aji biyu zai aika wa iyaye, bayan ƙorafi ya yi yawa cewa yaro ya ci amsa amma an zaftare masa maki. Yawancinmu mun ce ya bar dogon turanci, ya sa misali ɗaya kawai: 3x + 5 = 20. Yaron da ya rubuta 3x = 15, sannan ya yi tuntuɓe wajen rabawa ya sa 4, malami ya ga inda ya faɗi, rabawa kaɗai za a gyara masa, kuma yana da makin hanya. Wanda ya rubuta 4 tsurarta fa? Ba a san ko cirewa ce ta kayar da shi ko cinta ya yi ba. Mai 5 tsurarta ma, wa ya sani ko leƙen maƙwabci ne?

Wata malama ta ce a ambaci WAEC da NECO, tunda a takardar rubutu hanya na da makinta daban. Na goyi bayanta, don iyaye na jin wannan.

Sai roƙo ɗaya a ƙarshen wasiƙar: in yaro na aikin gida, kada a faɗa masa amsa, a ce ya nuna layin da ya bi.