Tambarin makaranta ya ƙi rabuwa da farin baya, a taimaka

Abdul Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Islamiyyar unguwarmu za ta yi walimar sauka ranar Asabar, ni aka ba aikin katin gayyata da banar da za a rataye. Ni na yi karatu a makarantar, mai makarantar kuma abokin mahaifina ne, ko sisi ban karɓa ba, ba na so na kunyata a gabansa. Sakatare ya turo min tambarin ta WhatsApp, farin baya gare shi. Zobe ne kore, rubutun kore, tsakiya buɗaɗɗen littafi da tauraro ruwan gwal. Bayan katin shuɗi ne mai duhu. Na cire farin da `Erase color` a manhajar PixelLab ta waya, sai farin layi ya zagaye kowane harafi. Na ƙara `Tolerance`, layin ya ragu amma gefen ya zama haƙora-haƙora kamar zarto, littafin ma ya huje. Ya zan yi ya zama PNG marar baya, gefen da laushinsa?

Oga Bashir Firintin:
Wa alaikumus salam. Abdul ka ajiye wayar nan. Tambari ba a goge shi, sake zana shi ake yi. Ka shiga CorelDRAW ka yi `PowerTRACE`, ko ka zauna ka bi shi da hannu. Duk wanda ya ce maka akwai wata hanya ɓata maka lokaci zai yi.

Abdul Gwammaja:
Oga ba ni da Corel. Kwamfutar yayana ce nake ara da daddare, GIMP ne kawai a kai. Kuma mai makarantar ba ya son a taɓa masa tambari, ko ɗigo aka canza sai ya gane.

Sadiq:
Ka sa tambarin a `Multiply` kawai malam, farin zai ɓace nan take. Ni haka nake yi kullum.

Maryam A.:
Sadiq, dabarar nan tana tafiya ne idan bayan mai haske ne. A kan shuɗi mai duhu, kore da gwal ɗin ma nutsewa za su yi tare da farin. Kuma ba ta ba ka PNG marar baya, a cikin wannan dizain ɗin kaɗai take aiki.

Abdul, kafin komai ka yi zum sosai a gefen harafi ɗaya, har ka ga fiksel ɗai-ɗai. Za ka ga tsakanin koren da farin akwai layi ɗaya ko biyu na kore mai haske. Su ne laushin da kake nema, kuma su ne matsalarka. Ba fari ba ne, ba kore ba ne, gauraye ne. A ce korenka (0, 100, 50) ne. Fiksel ɗin da rabinsa harafi rabinsa takarda zai fito wajen (128, 178, 153). Abin gogewar wayarka zaɓi biyu kawai yake da shi a kansa: ya bar shi, ko ya share shi. Ya bar shi, ka ga farin layi a kan shuɗi. Ya share shi, ka ga haƙora. Shi ya sa duk inda ka ja `Tolerance` ba ka samun daidai, babu wurin daidan a kan sandar.

Abin da ake so shi ne a mayar da fiksel ɗin nan asalin korensa, amma ya zama shara-shara rabi, shuɗin ya shigo ya cike gurbin da farin ya bari. GIMP ɗin yayanka yana yin wannan. Wane ne a kai, 2.10?

Abdul Gwammaja:
Eh Anti, 2.10 ne. Amma na taɓa gwada `Color to Alpha` ɗin nan da na gani a bidiyo. Tauraron ya dushe, littafin ya ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa na koma waya.

Maryam A.:
Dole ya yi haka tunda a kan hoton gaba ɗaya ka sake shi. Shi fari yake cirewa daga cikin kowane launi, bai san wane ne baya wane ne littafi ba. Korenka ya tsira ne saboda jan da ke cikinsa sifili ne. Gwal kamar (212, 175, 55) kuwa ƙaraminsa 55 ne, sai ya bar shi da ƙarfin kashi 78 cikin ɗari, ragowar shuɗi ya leƙo ta ciki. Littafin fari ne tas, ya tafi ke nan.

Sai ka killace masa wurin da zai yi aiki. Ka buɗe hoton ka yi `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`. Ka ɗauki `Fuzzy Select`, `Threshold` wajen 15, ka danna farin waje. Wannan farin da ke haɗe da juna kawai yake kamawa, ba zai tsallaka cikin littafin ba in dai littafin yana da layin da ya rufe shi. Ka riƙe `Shift` ka danna farin da ke tsakanin zobe da littafi, da cikin ramin kowane harafi, irin cikin mim da wawu idan akwai Larabci. Kada ka danna shafukan littafin.

Daga nan kada ka danna `Delete`. Ka yi `Select > Grow` da fiksel 2, zaɓin ya ɗan ci cikin gefen tambarin ya haɗiye gaurayayyun nan. Sannan `Colors > Color to Alpha`, launi fari. Ka ɗaga `Transparency threshold` zuwa wajen 0.04. Dalili kuwa WhatsApp ya matse hoton zuwa JPEG, farin da ke kusa da haruffa ba 255 ba ne cif, akwai ɗigo-ɗigon 248 da 251 da ido ba ya gani a kan fari. Wannan lambar tana share duk abin da ya kai 245 zuwa sama.

Kafin ka fitar, ka sa sabon `Layer` a ƙasa ka cika shi da ainihin shuɗin katin, ka yi zum ka duba. Ka ga farin layi, `Grow` bai isa ba, koma ka sa 3. Ka ga dusa-dusa a kewayen haruffa, ka ɗan ƙara lambar can. Idan ya yi, ka ɓoye shuɗin ka yi `File > Export As` da sunan da ya ƙare da `.png`.

Oga Bashir Firintin:
Hajiya duk wannan lissafin a kan hoton da bai kai ya kawo ba. Abdul, faɗin tambarin fiksel nawa ne? Ba ka faɗa ba.

Abdul Gwammaja:
640 ne kowane gefe. Amma a waya yana fita tas Oga.

Oga Bashir Firintin:
To ka ji. A waya kowa ma kyakkyawa ne. A kati, idan ka sa shi faɗin inci biyu, fiksel 320 ke nan a kowane inci, lafiya lau. A bana fa? Ka ja shi ƙafa biyu, inci 24, ka raba 640 da 24, ba ka kai 27 ba. Laushin nan da Hajiya take tattali zai zama hazo mai faɗin da za a gani daga kujerar gaba. Ni na san abin da zai biyo baya, mai injin za a zaga. Ka zana shi kawai.

Maryam A.:
A kan bana Oga yana da gaskiya, ban san 640 ba ne. Amma `PowerTRACE` a kan JPEG mai wannan girman yakan cinye ɗigon haruffan Larabci ya lanƙwasa kusurwoyi, tunda dattin matsewar ma bi yake. Zana da hannu ne maganin, kuma ba aikin dare ɗaya ba ne ga wanda bai saba ba. Katin dai hanyar da na faɗa ta ishe shi.

Hauwa Zinder:
Ni abin da ke ƙona min rai ma daban ne. Na gyara wa wata mai shagon turare tambari, marar baya, na tura mata. Ta tura wa mai buga leda, ya kira ta wai baƙin akwati ne ya zagaye shi, ta dawo tana min faɗa a gaban mutane wai ban iya aiki ba. Ashe a matsayin hoto ta tura, ba fayil ba. Har yau rabin kuɗina yana wurinta. Abdul idan ka gama ka tura ta `Document`, in ba haka ba wahalar banza ka sha.

Sadiq:
Masu shago ai haka suke. Ni wani ya ce na cire masa baya, na cire, ya dawo wai ina farin ya tafi.

Malam Nasiru:
Ɗana, wanda ya zana tambarin tun farko fa? Makarantar tana da hatimi da takarda mai kan wasiƙa, wani ne ya buga musu. A tambaye shi asalin fayil ɗin mana.

Abdul Gwammaja:
Baba na tambayi sakatare ya ce wannan ne kawai a wurinsa. Ba zan iya zuwa wurin mai makarantar da wannan maganar ba, zai ga kamar na kasa.

Anti Maryam na bi yadda kika ce. Haruffan sun yi kyau sosai wallahi, farin layin ya tafi, littafin yana nan. Amma yanzu tauraron ya yi wani siririn layi mai duhu a gefensa. Kuma na ga kamar na wayar ya fi shi haske.

Maryam A.:
Wannan fiksel biyun da `Grow` ya ci ne a jikin gwal ɗin, su ne suka koma kashi 78 ɗin nan. Ka koma baya ka yi tauraron shi kaɗai: ka zaɓi farin da ke kewaye da shi, `Grow` da 1, sannan a cikin `Color to Alpha` ka sauke `Opacity threshold` zuwa wajen 0.75. Duk launin da ya yi nisa da fari haka zai tsaya da cikakken ƙarfinsa, gwal ɗinka ya tsallake ke nan. Kada ka yi wa koren da wannan lambar, za ta dawo maka da ɗan haske a gefensa. Idan gwal ɗin mai shiga haske ne daga wani gefe, ɓangaren mai hasken zai ci gaba da ba ka wahala, sai ka gyara da hannu.

Oga Bashir Firintin:
Yanzu tauraro daban, haruffa daban, gyara da hannu daban. Lokacin nan da ka kusa gama zane. Tauraro da zobe minti nawa ne? Inkscape ma kyauta ne idan Corel ce matsalar.

Abdul Gwammaja:
Oga rubutun ne matsalar, ba na kwamfuta ba ne, wani malami ne ya rubuta da alƙalami. Kuma banar daga nesa za a gan ta, a bayan manyan baƙi za a rataye. Ina ganin zan rage tambarin ya zama ƙafa ɗaya.

Oga Bashir Firintin:
Ƙafa ɗaya 53 ke nan a inci. Masu ɗaukar hoto a jikinta za su tsaya, ka rubuta ka ajiye.

Hauwa Zinder:
Ko ka sa tambarin cikin farin da'ira a kan banar ka huta? Da yawa haka suke yi, ba ruwanka da gefe.

Abdul Gwammaja:
A'a Anti, farin da'ira zai ɓata dizain ɗin, na riga na nuna wa sakatare ba tare da shi ba. Yayana ya karɓi kwamfutarsa sai gobe da daddare. Akwai wanda ya san ko za a iya yin na tauraron nan a waya?